Takardar wanke hannu ta lakwal ɗinmu: a hoto akwai famfo, mu kuwa buta gare mu

Malamar CP: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina koyar da ajin CP, wato ajin ƙananan yara, a wata lakwal ta firamare a nan Tawa, kuma shawara nake nema. Darakta ya ɗora mini aikin haɗa takardar wanke hannu da za mu manna kusa da bayan gida da wurin da yara ke cin abinci, yana so a gama kafin 15 ga Oktoba, ranar wanke hannu ta duniya. Na ɗauko ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke da hotuna daga 0 zuwa 11, na mayar da rubutun Hausa, na buga a A4 na manna don gwaji. Kwana huɗu ina tsaye daga nesa ina kallo. Yara sukan tsaya su duba, amma in sun juya sai su tsoma hannu cikin roba ɗaya su duka, kamar yadda suka saba. Da na tambayi wata yarinya me takardar ke cewa, sai ta nuna hoton farko ta ce, "Madam, wannan na masu famfo ne." Mu buta biyu gare mu da bido. Abin ya tsaya mini a rai. Ta ina zan gyara?

Majo: Wa alaikumus salam Malama. Yarinyar nan ta gaya miki gaskiya. Takardar da kika ɗauko mai kyau ce, irinta ce a bangon ɗakin da muke wanke ciwo, amma don ma'aikatan lafiya aka yi ta. Shi ya sa ta ce daƙiƙa 40 zuwa 60, shi ya sa kuma a ƙarshenta akwai tawul na takarda da ake goge hannu a kashe famfo da shi a yar. Yaron da bai taɓa ganin wannan tawul ba, hotuna na 9 da na 10 ba su ce masa komai ba. Shawarata ta farko: kada ki fara da rubutu. Ki je wurin da za a manna takardar ki tsaya, ki ga abin da ke ajiye. In buta ce, buta za a zana, kuma irin launin taku. In yaro ɗaya ke zuba wa ɗan'uwansa, to hoton farko yara biyu ne, ɗaya riƙe da buta, ɗaya ya miƙa hannuwa. Mai kallo ya gane wurin da yake tsaye a cikin hoton, sannan sauran su biyo.

Baban Ƴan Biyu: Ni dai a ganina an tsawaita abu. Yaranmu Musulmi ne, suna alwala sau biyar, sun san wanke hannu tun suna ƙanana. A rubuta da manyan baƙaƙe WANKE HANNUNKA a zana hannu biyu, shi ke nan. In ana son ƙari a ce da ruwan ɗumi, shi ke kashe ƙwayoyin cuta.

Majo: Alhaji, rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu. Alwala ta koya musu abu mai tsada, wato zuba ruwa daga buta maimakon tsoma hannu, da tsettsefe yatsu. A kan wannan za a gina. Amma alwala ba ta buƙatar sabuni, kuma abin da ke manne a hannu bayan an fito bayan gida yana tare da maiƙon fata, ruwa zalla ba ya ɗebe shi duka. Sabuni ke sassauta shi, cuɗawa ta tayar da shi, ruwa ya tafi da shi. Batun ruwan ɗumi kuwa a bar shi. Zafin da zai kashe ƙwayar cuta zai ƙona hannun yaro tun kafin nan. Ruwan sanyi da sabunin wanki na kanti ya wadatar. In aka rubuta ɗumi a takarda, ranar da babu ruwan ɗumi yaro zai ce ba a cika sharaɗi ba, ya wuce abinsa.

Baban Ƴan Biyu: Na ji ta ɗumi. Amma hoto goma sha biyu ga ɗan shekara bakwai, wannan ban yarda ba har yanzu.

Majo: Nan kam ba mu da saɓani.

Mai Zanen Allo: Malama, sana'ata ke nan, allunan shago da bangon lakwal nake zanawa a Yamai. Bari in shigo ta fannin hoto. Kuskuren da na fi gani shi ne jera hotuna a kwance, uku sama uku ƙasa. Wanda ya yi boko zai fara daga hagu. Wanda ya yi makarantar allo, ko tsohuwar da ajami kaɗai ta sani, idonta daga dama yake farawa. Ke nan ita a wurinta an fara da ɗauraya an ƙare da jiƙawa. Ki jera su a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, layi ɗaya tak. Kowa ya san sama kafin ƙasa. Kowane layi: lamba babba, hoto, sannan kalmomi a gefensa, da zare mai kauri da ya raba shi da na ƙasa don kada ido ya haɗa rubutun wannan da hoton wancan.

Na biyu, hannu da aka yanke daga wuyan hannu yana yawo shi kaɗai a farar takarda yana rikita mutane. A hoton farko da na ƙarshe ki nuna yaron gaba ɗaya. A na tsakiya, inda dole a matso kusa, ki bar hannun riga ya fito, launi ɗaya da rigar yaron da ke sama. Haka mai kallo zai san hannun wancan yaron ne. Kuma a cika fatar da launi, kada a bar ta fara fat, in ba haka ba kumfa ba za ta fito ba.

Malamar CP: Wallahi batun dama da hagu bai taɓa zo mini ba, alhali rabin ajina da asuba allo suke zuwa. Na gode Malam. To matakai nawa zan bari? Na rage zuwa biyar: jiƙa, sa sabuni, cuɗa, ɗauraye, busar. Sai dai "cuɗa" ɗin nan ita ce matsalar. Na ga yadda suke yi, tafi da tafi sau biyu sun gama.

Majo: Biyar ɗin daidai suke a ƙa'ida, amma kin gano raminsu da kanki. Wuraren da ake tsallakewa sanannu ne: bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa, da kan yatsu wajen farce. Ki gwada da yaranki gobe. Ki shafa musu ɗan man gyaɗa da garin gawayi a hannu, ki ce su wanke yadda suka saba, sannan su buɗe hannu a rana. Za ki ga baƙi ya maƙale a gindin babban yatsa da gefen farce. Don haka "cuɗa" sai an fasa ta. Akwai dabara ɗaya daga waccan takarda ta likita da ke rage miki hoto: in ka ɗora tafin dama a bayan hagu ka saƙa yatsu cikin yatsu, motsi ɗaya ya wanke baya ya kuma shiga tsakani. Ga yadda zan jera:

1. Jiƙa hannu.
2. Shafa sabuni har ya yi kumfa.
3. Cuɗa baya da tsakanin yatsu.
4. Murza babban yatsa.
5. Goga farce a tafi.
6. A zuba maka ruwa, ka ɗauraye.
7. Yarfe hannu, iska ta busar.

Kowane layi aiki ɗaya, kuma da kalmar aikin ya fara. Babu "ya kamata", babu "domin kare lafiyarka". Wannan bayani bakinki ne zai yi shi a aji.

Ɗan Adar: Majo, gafara dai. Farce? Mu nan akaifa muka sani. Wanga Hausar rediyo ce. Yaron ƙauye in ya ji farce sai ya tsaya tunani.

Malamar CP: Yaya, yaran cikin gari suna jin duka biyun, amma gaskiya a gida akaifa ake cewa.

Majo: To a sa akaifa. Takardar ta Tawa ce, ba ta Kano ba. Ko a kauce wa duka a ce "Goga kan yatsu a tafi", don a gaskiya kan yatsun ake nufi, ba farcen kaɗai ba.

Ɗan Adar: A'a, a bar akaifa. Ƙazantar can ƙarƙashinta take zama, kowace uwa ta san haka. In ka ce kan yatsu, shafawa za su yi sama-sama.

Maman Iyali: Sannunku da aiki. Ni tambayata, lokacin kwalara an kawo mana bokiti mai famfo a unguwa ana zuba magani mai warin jabel a ciki. Cokali nawa ake sawa? Ina so in riƙa yi wa yarana a gida. A rubuta shi a takardar mana, kowa ya amfana.

Majo: Hajiya, don Allah kada ki haɗa da ka. Wancan ruwan kulorin ne mai ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari, ma'aikata ke auna shi bisa ƙarfin maganin da ke hannunsu, kuma jabel na kasuwa ba ƙarfinsu ɗaya ba, balle wanda ya daɗe a rana. In ya yi yawa yana cin fata, yaro kuma yana iya kurɓa. Na wurin jinyar annoba ne. A gida sabuni ya ishe ki. Kuma ba zai shiga takardar Malama ba, takarda ɗaya magana ɗaya.

Maman Iyali: To na ji. Amma sabunin ne ba ya kwana. Na ajiye a bakin randa, kafin la'asar ko awaki sun ja shi ko ya narke a ƙasa.

Malamar CP: Hajiya kin taɓo inda ke mini ciwo. Mu ma haka, guda ɗaya ba ya kai mako.

Majo: Hanya biyu. Ko a huda sabunin a tsakiya a zura igiya a rataye. Ko a yi ruwan sabuni: garin omo gram 30, wato ƙaramin ƙulli, a gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a girgiza, a huda murfin da ƙusa. Ana matsawa kaɗan a tafi. Amma Malama ki lura, duk wanda kika zaɓa shi za a zana a hoto na 2. In gora ce a wurin kuma hoto ya nuna sabuni dunƙule, kin koma gidan jiya, yarinyar nan za ta ce na masu sabuni ne.

Baban Ƴan Biyu: Toka fa? Iyayenmu da ita suka yi. A ƙara layi a ce in babu sabuni a sa toka.

Majo: Ana faɗin haka a matsayin mafita ta ƙarshe, kuma ta fi ruwa zalla a ganin da yawa daga cikinmu. Ni dai ba zan sa ta a takardar lakwal ba. Tokar da aka kwaso daga ƙasa tana iya haɗe da ƙazanta, kuma da zarar an rubuta ta, sayen sabuni ya zama na ganin dama.

Baban Ƴan Biyu: Majo, kai kana inda ake kawo muku sabuni. Yaron da zai koma gidan da babu fa? Ka koya masa abin da ba zai iya yi ba ke nan.

Mai Zanen Allo: Ni a nan ina bayan Alhaji, amma ba a cikin jerin ba. Ƙaramin akwati can ƙasa.

Malamar CP: Wannan sai na kai wa darakta da iyayen yara. Ni kaina zuciyata biyu.

Mai Buga Takardu: Ranki ya daɗe, ga nawa ta fannin inji. A4 ta yi ƙanƙanta. Ki yi A3, tsawonta santimita 42, faɗinta kusan 30. Ki ba kan magana santimita 5, layuka bakwai kowanne 5, ya zama 40, sauran 2 na gefe. Hoto ya ci kusan rabin faɗin. Baƙaƙen kada su gaza santimita ɗaya da rabi, don mai wanke hannu yana tsaye ne kamar taku biyu daga bango. Kada ki rubuta duka da manyan baƙaƙe, ƴan CP ƙananan suka fi sabawa da su.

Abin da ya fi ba ni wahala da takardun Hausa shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa. Mutum ya rubuta a wayarsa lafiya lau, in an buɗe a injinmu sai ɗ da ƙ su koma akwati, ko su fito da wani salo daban da sauran. A jerin Majo akwai jiƙa, cuɗa, ɗauraye. In aka maye su da d da k, yaro mai koyon karatu zai karanta jika, kuma jika ɗan ɗa ne. Ki nemi salon rubutu mai suna Andika, kyauta ne, don masu koyon karatu aka yi shi, yana da ɓ ɗ ƙ ƴ duka, kuma "a" ɗinsa irin wadda kuke rubutawa a allo ce. Ki mayar da aikin PDF kafin ki kawo, ki kuma duba na farko da idonki kafin a buga sauran. A buga da inji mai garin tawada, don mai ruwan tawada yana zuba da zarar ruwa ya fantsama. A rufe da roba a bar bakin roba ya zarce takardar, kuma kada a huda ƙusa ta cikin takardar, ta nan damshi ke shiga.

Mai Zanen Allo: A ƙara da inuwa. Ranar Tawa tana cinye ja da rawaya kafin a ankara. Amma kada a kashe kuɗin roba tukuna. Malama, ki zana da fensir, ki rufe rubutun da takarda, ki nuna wa mutum goma ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, don a taro kowa bakin na farko yake bi. Ki haɗa da yara ƙanana da manya waɗanda ba su yi boko ba. Kada ki ce "kin gane?", kowa zai ce e don kunya. Ki ce "me kike gani a nan?", ki yi shiru, ki rubuta abin da aka ce. Daga nan ki miƙa buta ki ce a yi abin da hoton ya yi.

Malamar CP: Na dawo, jama'a. Kwana uku ina wannan aiki. Wani ɗalibinmu na CM2, ajin ƙarshe na firamare, mai hannun zane ya zana mini bakwai ɗin, na gwada da yara shida, da mai gadi, da mata uku masu sayar da abinci a bakin ƙofa.

Hoto na 1 da na 6 babu wanda ya kuskure, buta ta yi aikinta. Na 2 ne ya girgiza ni. Mun zana kumfa da ƙananan da'irori a bayan hannu. Wata dattijuwa mai ƙosai ta kawo takardar kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Wayyo, ƙuraje ne suka fito wa yaron nan. Sabunin ne bai karɓe shi ba?" Mutum huɗu cikin goma ƙuraje suka gani. Da na buga haka, da na manna takardar da ke cewa sabuni na kawo ciwo. Mun sake shi, kumfar ta zama fara dunƙule kamar auduga, ta rufe yatsu, ga sabunin rataye da igiyarsa a gefe. Da na koma wurinta ta ce, "Yawwa, yanzu kam wanki yake."

Na 4 mun sa kibiya mai lanƙwasa don nuna murzawa. Yara biyu suka ce ƙugiya ce, mai gadi ya ce maciji. Da na ba su buta, sai suka kama yatsan suka riƙe kawai ba su juya ba. Na cire kibiyar, amma yanzu ban san yadda zan nuna motsin ba. Na 7 kuma, ɗigon ruwan da ke tashi daga hannu, wasu sun ce ruwan sama ne, ɗaya ta ce yaron ya ƙone yana yarfe hannu.

Mai Zanen Allo: Madalla da wannan dattijuwa. Na 4: raba gurbin biyu, hannu a dunƙule kan yatsan ya karkata gaba, sannan ya karkata baya. Hoto mara motsi iyakarsa ke nan, sauran sai kin nuna musu sau ɗaya a aji, daga nan hoton tuni ne kawai. Na 7: fuskar yaron ce za ta warware. A zana shi yana murmushi, hannuwa ƙasa, ɗigo uku kacal kuma duka a ƙarƙashin yatsu, kada ko ɗaya ya wuce kafaɗa.

Maman Iyali: A zana robar da suke tsoma hannu a ja mata jan kuros mana, su san an hana.

Majo: Ina tsoron wannan, Hajiya. Ba kowa ke karanta kuros a matsayin hani ba, wani hoton kawai zai gani ya ce ai ga shi an zana. A nuna daidai kaɗai. Kuma Malama, a hoto na 6 in kin zana robar tarar ruwa, ki sa ta can ƙasa nesa da hannun, ruwan cikinta mai duhu. Mafi sauƙi ma, ki ɗauke robar tsomawar daga wurin gaba ɗaya, a haƙa ɗan rami a zuba tsakuwa ruwan ya riƙa nutsewa.

Malamar CP: An ɗauke ta tun jiya. Saura lokaci. An ce a cuɗa aƙalla daƙiƙa 20, amma yarana ba su san daƙiƙa ba. Na sa su ƙirga zuwa ashirin na duba agogon waya, wasu kafin daƙiƙa goma sun gama. Sai na gwada ƙirga goma a kowane mataki daga na 2 zuwa na 5, wato goma sau huɗu. Da saurin nasu ya faɗo wajen ashirin ɗin. Ina tunanin rubuta "ƙirga goma" a gefen waɗannan huɗun.

Majo: Dabara ce mai kyau. Ki dai tuna na 3 da na 4 da na 5 hannu biyu ne, biyar dama biyar hagu, in ba haka ba hannu ɗaya zai sha wanki ɗaya ya tafi haka nan.

Mai Buga Takardu: Wurin zai matse. Layi na 3 ya riga ya kai kalma biyar. Ko dai a rubuta sau ɗaya a gefe da dogon zare da ya haɗa layukan huɗu, ko a bar shi a bakin malamai.

Ɗan Adar: Faransanci fa? In masu duba lakwal suka zo za su tambaya.

Malamar CP: Darakta ma ya faɗa. Na roƙe shi a yi ta Faransanci daban da hotuna iri ɗaya a manna a ajin manya, kada a cusa harshe biyu a layi ɗaya. Bai ba ni amsa ba tukuna, haka ma batun toka, sai iyaye sun zauna ranar Asabar. Yau da yamma za mu sake zana na 4 da na 7, gobe in kai wa wasu mutum goma daban, tunda na farko sun riga sun san amsa. Malam mai buga takardu, in na manna ta daidai idon ɗan CP, wajen mita ɗaya daga ƙasa, ruwan buta ba zai riƙa dukanta ba?

Mai Buga Takardu: Zai taɓa ta in tana saman butar kai tsaye. Ki matsar da ita gefe kamar kamu biyu, ta ɓangaren da mai wankewa ke fuskanta, ba bayan mai zubawa ba. Ki turo PDF ɗin in duba baƙaƙen kafin ki biya kuɗin roba.